Kwamitin intabiyu: tambayoyi na hawa kan juna, ga kuma mai tsare gida

Nura: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka san harkar ɗaukar aiki. An gayyace ni intabiyu na aikin jami'in sito, takardar ta ce mutum huɗu ne za su zauna, minti 30. Abu biyu nake son a warware mini. Idan mutum biyu suka jefo tambaya lokaci ɗaya, ko wani ya katse ni ban gama amsa ta farko ba, wa zan fara amsa wa? Na biyu, idan akwai wanda ya tsare gida, duk abin da na faɗa sai ya ƙaryata, yaya ake yi da shi?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Mai tsare gidan nan kada ya dame ka, shiri ne. Kusan kowane kwamiti sukan sa mutum ɗaya ya yi zafi don a ga ko za ka fusata. Ka yi ta murmushi, duk abin da ya ce ka ce masa haka ne ranka ya daɗe, shi ke nan ka ci jarrabawarsa.

Ummi: Ni shawarata ka riga sauran magana. In an yi tambaya kada ka jira sai sun gama amsawa, don wanda ya fara shi ake tunawa. Amma kada ka katse kowa a cikinsu.

Nura: Anti Ummi, ba mu da yawa ba ne masu neman aikin a ɗakin. Ni kaɗai ne, su ne huɗu.

Ummi: Au, na ɗauka irin wadda ake tara masu nema a ba su aiki tare ce. To a yi haƙuri, bari in koma gefe in saurara.

Hajiya Rabi: Nura, kafin a zo kan wa za ka fara amsa wa, sai ka san abin da ke gaban kowannensu a kan tebur, don shi ne zai ba ka amsar tambayoyinka duka biyu. A kwamitin da aka tsara, kowane mutum yana da takardar maki. An rubuta tambayoyin tun kafin ka shigo, an raba su, kuma kowace tambaya tana da abin da take aunawa: wannan sanin aiki, wannan riƙon amana, wannan zama da mutane. Yawanci maki daga 1 zuwa 5 ne, kowa ya ba da nasa shi kaɗai, bayan ka fita a haɗa.

Mutum huɗu a aikin sito, galibi za ka samu shugaban kwamiti mai riƙe da lokaci, da wakilin sashen kula da ma'aikata, da manajan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, da wani daga wani sashe, sau da yawa na kuɗi ko na binciken lissafi. Ka saurara sosai a minti biyun farko da suke gabatar da kansu. Muƙamin mutum ya fi sunansa amfani a gare ka, domin shi zai gaya maka abin da yake nema in ya buɗe baki.

Sai lissafin lokaci. Minti 30, cire kamar 3 na gaisuwa da gabatarwa, cire 5 na ƙarshe da za a ba ka damar yin tambaya, saura 22. In tambayoyi shida ne, kowace ba ta kai minti 4 ba, kuma a ciki har da karanta tambayar da tambayoyin bin diddigi. Ke nan amsarka ta farko ta tsaya tsakanin minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Sau da yawa katsewar da mutane ke kuka da ita daga nan take fitowa: mai amsa ya shiga minti na huɗu bai iso kan sakamako ba, mai tambaya yana kallon agogo, dole ya tsoma baki. Sai a fito ana cewa ya tsane ni.

Malam Iliya: Hajiya ta kawo tushen. In ƙara da cewa abin da ake kira tambayoyi masu hawa kan juna ba iri ɗaya ba ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Akwai wadda mutum biyu suka buɗe baki tare. Ita ce mai sauƙi. Ka yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku, sau da yawa su da kansu ɗaya zai ce wa ɗaya bismillah, ko shugaba ya raba. In ba a raba ba, kai ka jera su da bakinka: "Tambaya biyu na ji, ta ƙidayar kaya da ta saɓani da direba. Bari in fara da ta ƙidaya, sannan in dawo kan taki, Hajiya." Wannan jimlar tana yin aiki uku. Ta nuna ka ji duka biyun, ta ba ka ɗan lokacin tunani, kuma in ka fahimci tambayar ba daidai ba, nan take za a gyara maka kafin ka ɓata minti biyu.

Akwai kuma wadda aka katse ka a tsakiyar amsa. Nan sai ka duba abin da aka katse ka da shi. In bayani ne ake nema a kan abin da kake faɗa, kamar "mutum nawa ne a ƙarƙashinka a lokacin?", ka amsa da kalma biyu ka ci gaba daga inda ka tsaya. In sabuwar tambaya ce dabam, ka nemi jimla ɗaya: "Zan zo kanta yanzu, a ba ni dama in faɗi yadda wancan ya ƙare." Sai ka faɗi sakamakon a jimla ɗaya tak, ka juya. Dalili shi ne wanda ya yi tambayar farko yana da gurbi a takardarsa da bai cike ba, kuma amsar da ba ta da sakamako da wuya ta wuce maki 3.

Ta ukun ita ta fi kayar da mutane: a sake tambayarka abin da kake ganin ka riga ka amsa.

Nura: Ita ce ma na fi tsoro, Malam. In na ce na riga na amsa, kamar rashin kunya ne. In na maimaita, kamar ba ni da abin faɗa.

Malam Iliya: Duka biyun kuskure ne, kuma "kamar yadda na faɗa ɗazu" ta fi muni, domin kana gaya wa mutum a gaban abokan aikinsa cewa bai saurara ba. Ka ɗauki misali. Manaja ya ce ka ba mu labarin lokacin da ƙidaya ta saɓa da abin da ke rubuce. Ka ba da labari: littafi ya nuna katan 120, ka ƙirga ka samu 112, ka bi takardun shigowa da na fita, ka gano an fitar da katan 8 ranar da ba a shigar da takardar fita ba, aka gyara. Bayan minti goma sai mai binciken lissafi ya ce, me kake yi idan ka tarar kaya sun yi ƙasa da lissafi? A kunnenka tambaya ɗaya ce. A takardunsu biyu ce. Manaja yana auna ko ka iya bin sawun kuskure. Shi kuwa mai bincike yana auna ko kana kai rahoto, ko kuwa kana gyara littafi shiru ba wanda ya sani.

Don haka sai ka jingina da na farko a jimla ɗaya, ka ba shi ɓangaren da bai ji ba: "A misalin katan 8 ɗin nan, abin da ban ambata ba shi ne, kafin in taɓa littafi sai da na rubuta rahoton gibin a ranar, shugabana ya sa hannu, kuma wani ne dabam ya sake ƙirgawa, ba ni ba." Ka ga ba ka maimaita ba, ba ka kuma ƙirƙiro sabon labari cikin gaggawa ba.

Maryam: Malam Iliya, ban yarda da jingina da tsohon labari a kowane hali ba. A wasu kwamitocin ƙa'ida ce a ba kowace tambaya maki da abin da aka faɗa a ƙarƙashinta kawai. In ya ce "a misalin ɗazu", mai ba da maki ba zai koma shafin baya ya kwaso ba. Gara ya shigo da labarai biyar ko shida a shirye, kowanne da halin da aka shiga, da aikin da ya rataya a wuyansa, da matakin da ya ɗauka, da sakamako. In tambaya ta dawo sai ya ciro sabo.

Malam Iliya: Gaskiya ne akwai masu wannan ƙa'ida, shi ya sa na ce jimla ɗaya ta jingina, wadda ta ɗauko jigon labarin ta yadda amsar za ta tsaya da ƙafarta. Amma sabon labari yana cin minti biyu, jingina tana cin daƙiƙa 40. A zaman minti 30 wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Maryam: To a bar shi a haka: in a rabin farko ne, sabon labari. In lokaci ya ja, jingina. Ni dai har yanzu na fi son sabo.

Injiniya Bala: Ba wanda ya amsa ainihin tambayarsa ta farko. Wa zai fara amsa wa? Ni a ganina babba. In shugaban kwamiti ne ɗaya daga cikin biyun, shi ne farko, babu wani dogon lissafi.

Hajiya Rabi: Injiniya, girma yana da wurinsa, amma ba shi ne ma'auni na farko ba. Na farko shi ne wanda zagayen tambaya ke hannunsa. In shugaba ya ce yanzu sai wakiliyar sashen ma'aikata, ta yi tambayarta, sai wani babba ya tsomo tasa, tambayarta ce a rubuce, ita ce ke da maki. Tasa wataƙila son sani ne kawai, ba ta da gurbi a takarda. In Nura ya bar tata ya bi tasa, ya sayar da maki ya sayi murmushi. Abin da zai yi shi ne ya ba babban girmansa da baki, "ranka ya daɗe, zan zo kan taka", ya amsa tata, ya dawo.

Inda ba a san zagayen wa ba ne, sai a duba ko ɗaya gajera ce. Tambayar da amsarta adadi ne ko e ko a'a, a sallame ta a daƙiƙa goma, a zauna kan doguwar. Sai in duka sun yi daidai ne girma zai raba gardama.

Injiniya Bala: Na ji, amma akwai wuraren da in ka sa babba jira, ko da ladabi ne, ka gama yawo. Ba kowane kwamiti ne ke bin takarda ba.

Hajiya Rabi: Ban musa ba. Ana gane irinsu da wuri: ba mai rubutu, ba a raba tambayoyi ba, kowa in ya yi magana sai ya saci kallon mutum ɗaya. In ka ga haka, takardar maki ita ce fuskar mutumin nan, sai ka bi shawarar Injiniya.

Nura: Zan iya shiga da biro da takarda? Ina gudun in manta ta biyun kafin in gama ta farko.

Maryam: Ka nemi izini da zarar ka zauna, mafi yawa ba sa hanawa. Kuma kada ka rubuta jimla. Kalma ɗaya ga kowace tambaya: "ƙidaya", "direba". Idan ka sunkuya kana rubutu na daƙiƙa ashirin, ka rasa ɗakin. A saman takardar ka zana yadda suka zauna daga hagu zuwa dama, da muƙamin kowa. In kuma ka manta duk da haka, ka faɗa kai tsaye: "Ranki ya daɗe, a tuna mini tambayarki." Ba a rage maki a kan wannan. Abin da ake ragewa a kai shi ne ka yi alkawarin dawowa ka share.

Sadiq: Har yanzu ba a ce komai kan maganata ba. Mai zafin nan ai gwaji ne, ko ba haka ba?

Malam Iliya: Wani lokaci haka ne, Sadiq, musamman a ayyukan da ake fama da fusatattun mutane ko ake ciniki mai tsanani. Amma cewa kusan kowane kwamiti ne, a'a. Kuma shawarar "haka ne ranka ya daɗe" tana da haɗari. In ya ce da alama ba ka taɓa riƙe sito kai kaɗai ba, ka ce haka ne, ka sa hannu a kan abin da zai rubuta.

Masu tsare gida aƙalla kashi huɗu ne. Akwai wanda fuskarsa ce haka, ko ya gaji, kai ne na tara da ya gani tun safe. Akwai mai gwaji da gangan. Akwai mai shakka ta gaske, wanda ya ga wani abu a takardunka bai gamsu ba. Akwai kuma wanda ya riga ya yanke hukunci, ko yana da nasa ɗan takara, ko rigimarsa da wani ne a kan teburin, kai kawai fili ne. Ba za ka gane wanne ba ne daga fuska. Ana ganewa ne daga abin da ya yi bayan ka ba shi amsa mai hujja. Mai shakka zai rubuta, ya ƙara tambaya ɗaya mai zurfi a kan abin. Mai gwaji zai sake matsawa sau ɗaya ko biyu, sannan ya sake ka, wani lokaci har ya sassauta. Wanda ya yanke hukunci ba zai rubuta komai ba, zai bar batun ya ɗauko wani zargin dabam. Abin daɗin shi ne amsar farko iri ɗaya ce ga dukansu, don haka ba sai ka tsaya tantancewa ba kafin ka buɗe baki.

Hajiya Rabi: Bari in ɗora da misali, tun da aikin sito ne. A ce a takardar tarihin aikinka ka rubuta cewa ka rage asarar kaya da kashi 20 cikin 100. Mai binciken lissafi ya ɗaga takardar ya ce: "Kowa haka yake rubutawa. Kashi 20 na me? Ni ban ga alamar ka san abin da ka rubuta ba."

A maganarsa akwai abu biyu, tambaya da tsokana. Tambayar ita ce kashi 20 na me. Tsokanar ita ce sauran. Tambayar kaɗai za ka ɗauka. Ka numfasa, ka bar daƙiƙa biyu su wuce, ka sauke murya ƙasa kaɗan da yadda kake magana, domin mai jin haushi sauri yake ƙarawa, muryarsa ta hau, kuma kowa a ɗakin yana jin wannan kafin ya ji kalmomin. Sannan ka ce wani abu kamar haka: "A wata muna karɓar katan wajen 10,000. Kafin gyaran, abin da ke lalacewa ko ya ɓace yana kai katan 250 a wata, wato kashi 2.5. Bayan wata shida ya sauko 200, wato kashi 2. Ragin katan 50 daga 250 shi ne kashi 20 ɗin da na rubuta. Abin da muka canza shi ne ƙirga kaya masu saurin fita kowane mako maimakon ƙarshen wata, da fitar da wanda ya fara shigowa kafin sabo."

Ka lura da abin da amsar ta yi. Ta faɗi daga ina zuwa ina, cikin wane lokaci, da wane mataki. Ta kuma fito da gaskiyar cewa a jimlar kaya ragin rabin kashi ɗaya ne, kafin shi ya fito da ita ya ce ka kumbura adadi. Duk adadin da ke takardarka, ka shiga da waɗannan abubuwa huɗu a kanka. Wanda ba za ka iya warwarewa haka ba, ka cire shi tun kafin ka aika.

In ya dawo ya ce, "to ai ba kai kaɗai ka yi ba", nan ka ba shi gaskiyarsa a inda yake da ita: "Haka ne, mu biyar ne. Nawa a ciki shi ne tsara jadawalin ƙirgar mako da bin sa." Yarda da abin da yake gaskiya dabam, sallama masa komai dabam.

Nura: In ya sake dawowa karo na uku a kan abu ɗaya fa?

Hajiya Rabi: Sau biyu ake kare magana ɗaya. A na uku ba sabuwar hujja kake bayarwa ba, musu kake yi, kuma lokacin sauran tambayoyin ne ke ƙonewa. Ka ce: "Iyakar abin da zan iya tabbatarwa a nan ke nan, kuma wanda na sa a matsayin mai ba da shaida a kaina zai iya gaskata shi." Sai ka mayar da dubanka ga shugaba ka yi shiru. Shirun nan saƙo ne, shugaban da ya san aikinsa zai ce mu ci gaba.

Ga dalilin da ya sa ba a zuba duka ƙarfi a kansa. A ce a tambayar nan mutum uku sun ba ka 4, shi ya ba ka 2. Jimla 14, a raba huɗu, 3.5. Yanzu a ce ka shafe minti biyar kana lallashinsa har ya ɗaga zuwa 3, amma sauran ukun sun ga ka manta da su, ka daburce, suka sauko 3. Jimla 12, wato 3. Ka ci shi, ka faɗi. In kuwa ka yi fushi, 3 uku da 1 ɗaya, 2.5. Saboda haka in kana amsa masa, ka fara da kallonsa, tsakiyar amsar ka zagaya da ido kan sauran, ka ƙare a kansa. Su ukun su ne masu sauraronka na gaske. Sau da yawa ma in makin mutum ɗaya ya yi nisa da na sauran, shi ake tambaya ya kawo dalili a zaman haɗa maki.

Injiniya Bala: Lissafin nan yana aiki ne in kowa ƙuri'arsa ɗaya. In mai zafin shi ne manajan da zai karɓe shi fa? Ko an haɗa maki, in ya ce ba ya so, da wuya a tilasta masa.

Hajiya Rabi: Nan kam lissafina ya rushe, na yarda. In shi ne, shakkarsa ce intabiyun. Sai a ba ta lokaci fiye da na sauran, har ma a tambaye shi kai tsaye: "Wane ɓangare ne na aikin kake ganin zai fi ba ni wahala?" In ya faɗa, ka samu abin amsawa maimakon ka yi ta harbi a duhu.

Maryam: Kuma in shi ne manajan, Nura ma yana da abin aunawa. Mutumin da ya wulaƙanta baƙo a gaban abokan aikinsa, ba a san yadda zai yi da na ƙasa da shi in an rufe ƙofa ba.

Sadiq: Ko kuma gwajin ne dai, ya zama mutumin kirki bayan an ɗauke ka.

Maryam: Yana yiwuwa. Ba a ganewa daga zama ɗaya, sai dai ya bincika wurin waɗanda suka yi aiki da shi in an ba shi aikin.

Malam Iliya: Akwai tarko ɗaya da ba a ambata ba, inda matsalolin Nura biyu suke haɗuwa. Manaja ya ce, in babbar mota tana jira, takardar fita ba ta iso ba, ai za ka saki kaya don kada a rasa mai saye, ko? Kafin ka amsa sai mai bincike ya ce, wato za ka fitar da kaya ba takarda? Wannan ba tambayoyi biyu ba ne, tsohuwar rigimarsu ce suka shimfiɗa a gabanka. In ka zaɓi ɗaya ka rasa ɗaya, in ka ce duka suna da gaskiya ka tsaya nan, ka rasa duka biyun, don ba ka ce komai ba. Mafita ita ce ka faɗi abin da za ka yi a jere, da sharaɗinsa: kaya ba sa fita ba tare da izini a rubuce ba, amma ba za ka bar mota tsaye ka naɗe hannu ba, za ka kira mai ikon sa hannu nan take, ka nemi izinin gaggawa ko da ta saƙo ne in dokar wurin ta yarda da hakan, ana loda kaya ana jira, a cike takardar a ranar. Sannan ka tambaya ko suna da tsarin izinin gaggawa. Ka ɗauki matsayi, kuma kowannensu ya ji damuwarsa a cikin amsar.

Ummi: To in zafin ya wuce batun aiki fa? Kamar ya shiga tambayar aure, ko haihuwa, ko addini, ko ya yi zagi?

Hajiya Rabi: Doka a kan irin waɗannan tambayoyi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wurare da yawa an hana a yanke hukuncin ɗaukar aiki a kansu. A cikin ɗakin dai, hanya mafi sauƙi ita ce a amsa damuwar aikin da ke bayan tambayar, a bar sirrin: "In batun lokutan aiki ne ko tafiye-tafiye, zan iya cika abin da aka rubuta a sanarwar." In ya nace, ka juya ga shugaba ko wakilin sashen ma'aikata ka ce kana so a tsaya kan abin da ya shafi aikin. Zagi kuwa ba gwaji ba ne. Mutum yana da damar ya yi godiya ya nemi a tsaya nan, in ya fita ya rubuta abin da aka faɗa da lokacin da aka faɗa tun bai manta ba, ko zai kai ƙorafi.

Injiniya Bala: Kai ƙara wurin shugaba a tsakiyar zama, ni ina ganin ya rufe wa kansa ƙofa.

Hajiya Rabi: Zai iya rufewa. Shi ya sa ban kawo shi a kan tsare gida ko ƙaryata adadi ba, sai a kan abin da ya ƙetare iyaka.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage: yanzu aka aiko cewa ɗaya daga cikin huɗun ta bidiyo zai shiga, sauran suna ɗakin.

Maryam: To ka ƙara tsawon shirunka kafin amsa zuwa daƙiƙa uku ko huɗu, domin muryarsa tana isowa a makare, kuma yawancin karon baki da shi daga jinkirin layi ne, ba katsewa da gangan ba. In kun yi karo, kai ka tsaya ka ce masa bismillah. In kana amsa tasa, ka kalli kyamara, ba fuskarsa a allo ba, ka kuma kira muƙaminsa a farkon amsar don ya san da shi kake. Tun a gaisuwa ka tambaya ko yana jin ka sosai daga inda ka zauna, in ba ya ji a matso maka da makirufo kafin tambayar farko.